Rubutun da ya fi hotonsa kyau

A ce wani tela zai sauya allon shagonsa, kuma yana son ya ga yadda sabon sunan zai fito kafin ya biya kuɗin fenti. Ya ɗauki hoton gaban shagon da waya dab da magariba, ya turo wa mai zane ta WhatsApp. Mai zanen ya goge tsohon rubutu, ya ɗora sabo da baƙaƙe masu kyau. Tela yana buɗe hoton sai ya ce: «Malam, wannan ai mannawa ka yi.» Bai san kwamfuta ba, amma idonsa bai yi ƙarya ba.

Abin da ya gani shi ne tsafta. Duk abin da ke cikin hoton ya bi ta gilashin kyamara, ya sha ƙarancin haske, sannan an matse shi wajen turowa. Sabon rubutun kuwa bai sha ko ɗaya daga cikin wahalhalun nan ba. Saboda haka aikin mai zane shi ne ya lalata rubutunsa daidai gwargwadon lalacewar hoton, kuma aunawa ake yi, ba kintace ba.

Da launi ake farawa, kuma wannan ba ya cin lokaci. Baƙin da kwamfuta ke bayarwa sifili ne a ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 255, alhali da wuya ka sami irinsa a jikin allon da aka ɗauka a waje. A ɗauki Eyedropper a tsinto launi daga tsohon fentin da ya rage, misali lambar wayar da ke ƙasan allon. Sau da yawa za a ga adadin ya kama 35 ko 40, kuma ya ɗan yi ja ko shuɗi. Da wannan za a rubuta.

Sai bakin harafi, inda yawancin masu koyo ke faɗuwa. A zuƙo hoton zuwa 400%, har fiksil, wato ƙananan murabba'an da suka haɗa hoto, su fito ɗaya-ɗaya. A dubi gefen wani tsohon harafi. Ba a tsallakawa daga baƙi zuwa fari kai tsaye; akwai tsani na toka-toka a tsakani. A ƙirga matakansa. A hoton telanmu, mu ce fiksil huɗu ne, yayin da sabon rubutun yake sauyawa cikin fiksil ɗaya. A Photoshop ana gyara wannan da Filter > Blur > Gaussian Blur, kuma akwai irinsa a GIMP, wadda kyauta ce. Lissafin da ke taimakawa shi ne faɗin tsanin ya kai kusan ninki biyu da rabi na adadin da ka sa. Huɗu a raba da biyu da rabi ya ba da 1.6, to a gwada 1.5, a jera sabon baki kusa da tsoho a sake ƙirgawa.

Amma dishi-dishin hoto ba iri ɗaya ba ne. Idan gefen hagu da na dama na tsofaffin haruffa sun baje, sama da ƙasa kuwa suna da kaifi, hannun mai ɗauka ne ya motsa, kuma maganinsa Motion Blur, a karkata shi zuwa inda hannun ya ja. Idan an ɗauki allon daga gefe, ɓangaren da ya yi nisa yana iya fin na kusa dusashewa, sai a auna wuri biyu. Akwai kuma wata matsala da mai rubuta Hausa zai kula da ita: lanƙwasar ɗ da ƙ sirara ce a wasu nau'o'in rubutu, dishi-dishi kaɗan ke cinye ta. In ta ɓace, a sauya zuwa rubutu mai kauri, kada a rage dishi-dishin.

Yanzu mun iso kan ɗige-ɗige. Duk hoton da aka ɗauka a ƙarancin haske yana da wani tsaki-tsaki kamar an barbaɗa masa yashi, domin kyamara ta ƙara ƙarfin ɗan hasken da ta samu, ta ƙara har da kurakuransa. A hoton waya ya fi bayyana a inuwa da wuraren duhu. Ga abin da ke tona asiri: harafi baƙi shi ne ya kamata ya fi ɗaukar tsaki, sai ga shi sumul a tsakiyar allo mai ɗige-ɗige.

Wasu suna ganin mayar da leyar rubutun zuwa Multiply ta wadatar, tunda tana barin tsagar katako da ƙura su leƙo ta cikin harafin. Tana da amfani, amma ba ta gama aiki. Multiply ninkawa take yi: idan ta rage hasken wuri zuwa kashi ɗaya cikin shida, ta rage tsakin wurin ma zuwa kashi ɗaya cikin shida. Dole a ƙara wani.

Nan ma da ma'auni. A zagaye wani fili na tsohon baƙin fenti wanda ba shi da zane ko tabo, a buɗe Histogram a faɗaɗa shi, a duba Std Dev. Wannan adadi yana nuna yadda fiksil ɗin wurin suka bambanta da juna. Mu ce ya nuna 5, a cikin sabon harafin kuwa sifili. Sai a shiga Filter > Noise > Add Noise, a zaɓi Gaussian, a fara da 2%. Idan tsakin hoton toka-toka ne kawai, a sa alama a Monochromatic. Idan akwai ɗigon ja da kore, a bar shi a buɗe.

Ƙarfi ɗaya bai isa ba, sai girma ma ya zo ɗaya. Add Noise tana ba da tsaki mai girman fiksil ɗaya, na hoton waya kuwa yakan dunƙule biyu-biyu ko uku-uku, saboda wayar ta yi ƙoƙarin share shi. Don haka a bi tsakin da ɗan Gaussian Blur kamar 0.5. Wannan zai sauko da Std Dev, sai a koma a ɗaga kason zuwa 3 ko 4, har adadin ya komo kusa da 5. Kuma a kiyaye jerin: babban dishi-dishi tukuna, tsaki daga baya. Wanda ya juya su zai shafe tsakin da hannunsa.

Filin da aka goge tsohon rubutu shi ma yana buƙatar kulawa. Wanda ya shafe shi da buroshi da launi ɗaya ya bar tabo mai santsi a bayan haruffa. Clone Stamp ta fi, domin tana kwafo allon tare da tsakinsa.

Saura matsewa. Tsarin JPEG yana yanka hoto gida-gida, fiksil 8 a tsaye 8 a kwance, ya zubar da ƙananan bayanai, shi ya sa ake ganin ɗan ƙazanta a kewayen tsofaffin haruffa. Ba a zana wannan da hannu. A haɗe aikin a adana shi a JPEG mai matsakaicin inganci, sabon rubutun zai sami rabonsa. Sau ɗaya ya isa, don kowace maimaitawa tana ƙara cin sauran hoton.

Kafin a tura wa tela, a ɗora Levels na wucin gadi a saman komai, a jawo alamar fari can hagu har duhun hoton ya washe fiye da kima. Duk harafin da tsakinsa ya gaza zai fito sumul, wanda ya yi yawa kuma zai yi ƙyalli. A gyara, a cire Levels ɗin, sannan a tura hoton zuwa wata waya a duba shi da girman da mai shagon zai gan shi.