Rahoto ɗaya, baki biyu: yaya mai taƙaitawa zai yi?

A shekarar 2007 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC, ya fitar da babban rahotonsa na huɗu. A babin da ya shafi nahiyar Asiya akwai wani sakin layi kan tarin ƙanƙarar da ke daskare a kan duwatsun Himalaya, wadda narkewarta ke ƙara wa manyan koguna irin su Indus da Ganges ruwa. Sakin layin ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi ƙanƙarar ta ɓace nan da 2035. Nan take kuma, jimlar da ke biye ta ce faɗinta zai ragu daga murabba'in kilomita 500,000 zuwa 100,000 nan da wannan shekarar dai.

To, wanne ne? Abin da ya ɓace ba ya barin saura, nan kuwa ga sauran kashi ɗaya cikin biyar. Duk wanda aka ba shafin ya taƙaita, ɗan jarida ne ko ɗalibi ko sakataren da zai kai wa shugabansa bayani, dole ya ci karo da wannan tufka da warwara.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗauki maganar da ta fi jan hankali, ya yi shiru da ɗayar. Nan ɓarnar take. Mai karanta taƙaitawa ba ya ganin asali, don haka zai ɗauka rahoton ya yi magana da baki ɗaya, alhali bai yi ba. Raba gardama ma ba mafita ba ce: wanda ya rubuta cewa ƙanƙarar "za ta kusa ƙarewa" ya ƙirƙiro magana ta uku wadda babu ita a takardar.

Mai lura yakan fara da tambayar ko saɓanin na gaske ne. Sau da yawa alƙaluma biyu kan bambanta ne don kowanne na magana kan wata shekara, ko wani yanki, ko wani ma'auni dabam. Idan haka ne, babu rigima, sai a ƙara kalmomin da za su fayyace. A nan kuwa wuri ɗaya ne, shekara ɗaya, sakamako biyu. Saɓanin na gaske ne.

Wani saɓanin fensir ne kawai maganinsa. A wannan sashe akwai jadawalin da ya nuna cewa ƙanƙarar Pindari da ke Indiya ta ja baya da mita 2,840 tsakanin 1845 da 1966, sannan ya ce hakan na nufin mita 135.2 a kowace shekara. Daga 1845 zuwa 1966 shekara 121 ce. A raba 2,840 gida 121, abin da zai fito bai wuce mita 23.5 ba. Daga ina 135.2 ta fito? A raba da 21 maimakon 121, sai ga ta. Kuskuren ya nunka saurin narkewar kusan sau shida. A irin wannan hali mai taƙaitawa yana da hurumin ya kawo adadin da lissafi ya bayar, amma da sharaɗin ya faɗa a fili cewa jadawalin ya rubuta 135.2, shi ne ya sake lissafi. Gyara a ɓoye yana sa a jingina wa marubuci abin da bai faɗa ba.

Batun 2035 kuwa ba ya warwaruwa da lissafi, sai an bi sawun maganar. Masu binciken ƙanƙara da suka bi, ciki har da Graham Cogley na Kanada, sun gano cewa IPCC ta dogara ne da wani rahoton ƙungiyar WWF na 2005, shi kuma ya ɗauko shekarar daga hirar da mujallar New Scientist ta yi da masanin Indiya Syed Hasnain a 1999. Alƙaluman 500,000 da 100,000 kuma sun yi daidai da na wani rahoton UNESCO na 1996 wanda masanin Rasha Vladimir Kotlyakov ya shirya, inda ake maganar ƙanƙarar duniya da ke wajen yankunan ƙuryar arewa da kudu, kuma shekarar da ya ambata 2350 ce. Maganganu biyu ne daga tushe biyu aka ɗinke wuri guda. A watan Janairun 2010 IPCC ta amsa cewa sakin layin ba shi da ingantaccen tushe, ko da yake hakan bai rushe hujjojin da ke nuna ƙanƙarar na raguwa ba.

Ba kowane mai taƙaitawa ke da lokacin wannan bin diddigi ba, kuma ba a ce sai ya yi ba. Idan marubucin na kusa, a tambaye shi. Idan ba ya kusa, jimla biyu sun wadatar: "Rahoton ya ce ƙanƙarar Himalaya na iya ɓacewa nan da 2035, amma a wuri guda ya ce kashi ɗaya cikin biyar zai rage. Bai bayyana wanne yake nufi ba." Sai a haɗa da lambar sashen, 10.6.2, domin wanda zai yanke shawara ya duba da idonsa.