Harbin Doki da Dabarar MGF: Yadda Ake Ciro Matsakaici da Warwatsuwa Daga Lissafi Guda

A shekarar 1898 wani masanin ƙididdiga mai suna Ladislaus Bortkiewicz ya wallafa wani ɗan ƙaramin littafi da har yau malaman lissafi ba su gaji da ambatonsa ba. A ciki ya kawo adadin sojojin Purushiya, tsohuwar daular da ke ƙasar Jamus ta yau, waɗanda doki ya harba suka mutu tsakanin 1875 da 1894. Idan aka ɗauki runduna goma cikin waɗannan shekaru ashirin, za a sami rahoton shekara guda 200. A 109 daga ciki ba wanda ya mutu. A 65 mutum ɗaya ne, a 22 mutum biyu, a 3 mutum uku, sannan sau ɗaya tak aka rasa mutum huɗu a runduna ɗaya cikin shekara ɗaya. Jimillar mamata 122.

Raba 122 gida 200, ka sami 0.61. Wannan shi ne matsakaici. Tambaya ta biyu da mai ƙididdiga ke yi kullum ita ce: yaya lambobin suka warwatsu a kewayen matsakaicin nan? Ma'aunin wannan shi ne abin da ɗalibai ke kira bariyans, kuma hanyar samunsa ba ta da wuya. A ninka kowace lamba da kanta, a ɗauki matsakaicinsu, sannan a ɗebe matsakaicin farko da aka ninka da kansa. A nan 65 + 88 + 27 + 16 ya ba da 196, a raba gida 200 ya zama 0.98. A ɗebe 0.61 × 0.61, wato 0.3721, saura 0.6079.

Matsakaici 0.61, warwatsuwa kusan 0.61. Dawakan Purushiya dai ba su san lissafi ba, to daga ina wannan daidaito ya fito? Akwai kayan aikin da ke nuna dalilin a layi biyar ko shida, a allon aji ana rubuta sunansa a taƙaice MGF.

Ga yadda ake gina shi. A ce X lamba ce da ba a san yadda za ta fito ba sai ta fito, kamar adadin mamatan shekara mai zuwa. Maimakon a nemi matsakaicin X kai tsaye, sai a shigo da wani harafi, t, a nemi matsakaicin e^(tX):

M(t) = E[e^(tX)]

Alamar E tana nufin matsakaici, ita kuwa e lambar nan ce da ta kai kusan 2.718. Da ganin farko mutum zai ce an bar hanya miƙaƙƙiya an shiga daji. Amma e^(tX) tana da wata siffa da aka daɗe da sani, ana iya warware ta ta zama jerin tarawa marar iyaka:

e^(tX) = 1 + tX + t²X²/2 + t³X³/6 + …

In aka ɗauki matsakaicin kowane gaɓa, sai a sami:

M(t) = 1 + t·E[X] + t²·E[X²]/2 + …

Dubi abin da ke manne da t: matsakaicin X ne. Abin da ke manne da t² kuma matsakaicin X² ne, an raba shi biyu. Duk abubuwan da muke nema suna ciki, a jere, ɗaya bayan ɗaya. Shi t ba ya wakiltar komai a duniya, ba lokaci ba ne, ba kuɗi ba ne. An kawo shi ne kawai don ya riƙe wa kowane matsakaici wurinsa.

Ciro su kuma aikin kalkulas ne, wanda ake kira difarenshiyeshan, wato auna saurin da abu ke canjawa. Kamar ɓarar albasa ne, kowane zagaye yana cire ɓawo ɗaya. In aka yi sau ɗaya, lamba 1 ta farko ta ɓace, E[X] ya fito fili, sauran gaɓoɓin kuma duk suna ɗauke da t. Sai a sa t = 0, su mutu gaba ɗaya. In aka yi sau biyu kafin a sa sifilin, E[X²] ne zai rage. A rubuce:

M′(0) = E[X]
M″(0) = E[X²]
bariyans = M″(0) − [M′(0)]²

Tushen dabarar tsoho ne. Abraham de Moivre ya yi aiki da irinta a wajajen 1730, Laplace kuma ya gina babban littafinsa na 1812 a kanta.

Kafin mu koma wa dawaki, a gwada da kwabo. A jefa shi sama, in kai ya fito X = 1, in ɗaya fuskar ce X = 0, kowanne yiwuwarsa rabi. To M(t) = ½ + ½e^t. Difarenshiyeshan na farko ya ba da ½e^t, a t = 0 ya zama ½. Na biyu ma ½ ne. Bariyans kenan ½ − ¼ = ¼. Gaskiya a nan dabarar ba ta rage wa kowa wahala ba, da ka ma ana iya wannan lissafin. Amfaninta yana bayyana ne a inda lambobin da X ke iya ɗauka ba su da iyaka.

Irin wannan shi ne tsarin Poisson, wanda ya samo sunansa daga Siméon Denis Poisson, Bafaranshen da ya kawo shi a littafinsa na 1837. Tsari ne na ƙirga abin da ke da damar faruwa sau da yawa, amma kowace dama ƙarama ce ƙwarai, kuma faruwar ɗaya ba ta jawo ɗaya. Soja dubbai, dawaki ko'ina, kullum ana goga da ɗaura sirdi, amma da wuya harbi ya zama ajali. Tsarin yana da lamba guda da ke juya shi, λ, kuma yiwuwar a sami k daidai ita ce:

P(X = k) = e^(−λ) · λ^k / k!

Alamar k! tana nufin 1 × 2 × 3 har zuwa k. Don samun MGF, a ninka kowace yiwuwa da e^(tk), a tara duka tun daga k = 0. Sai a lura cewa λ^k da e^(tk) suna haɗuwa su zama (λe^t)^k. Tarin (λe^t)^k / k! kuwa shi ne jerin nan da muka gani ɗazu, an dai sa λe^t a gurbin tX. Saboda haka jerin marar iyaka ya naɗe ya koma:

M(t) = e^(λ(e^t − 1))

Daga nan sauran aikin gangara ne. Zagaye na farko:

M′(t) = λe^t · M(t)

A t = 0, e^t ya zama 1, M(0) ma 1 ne, don haka matsakaici λ ne. A zagaye na biyu dole a yi hattara, domin abu biyu ne aka ninka kuma dukansu suna canjawa da t:

M″(t) = λe^t · M(t) + (λe^t)² · M(t)

A t = 0 wannan ya zama λ + λ². A ɗebe λ², saura λ. Matsakaici λ, bariyans λ. Ga amsar tambayarmu: duk abin da ya bi tsarin Poisson, matsakaicinsa da warwatsuwarsa ɗaya ne, ko doki ne ko kiran waya. In aka sa λ = 0.61, lissafi ya ce E[X²] zai zama 0.61 + 0.3721 = 0.9821. Takardun sojoji sun ba da 0.98. Haka kuma tsarin ya yi hasashen shekarun da ba a mutu ba za su kai kusan 108.7 cikin 200, a zahiri kuwa 109 ne.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa wuri uku ne, kuma na farko ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba. Shi ne a sami M″(0) a ja layi biyu a ƙarƙashinsa a ce ga bariyans. Ba shi ba ne, E[X²] ne, sai an ɗebe matsakaicin da aka ninka da kansa. Wanda ya manta zai ce warwatsuwar harbin doki 0.98 ce maimakon 0.61. Na biyu shi ne gaggawar sa t = 0 kafin a gama difarenshiyeshan. Wanda ya yi haka zai tarar da 1 a hannunsa, difarenshiyeshan na 1 kuwa sifili ne, sai ya ce matsakaicin komai sifili ne. Na uku shi ne mantuwa da gaɓar farko a M″(t), wanda a nan zai ba da λ² − λ², wato bariyans sifili, kamar a ce kowace shekara adadi ɗaya ake mutuwa. Gwaji biyu masu arha suna kama yawancin kurakurai. M(0) dole ya zama 1, in bai zama ba, an yi ɓata tun wajen tarawa. Bariyans kuma ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili.

Akwai wata gajeriyar hanya da a ganina ya kamata a riƙa koyar da ita tun da wuri. A ɗauki logaridim na M(t), a kira shi K(t). Difarenshiyeshan ɗinsa na farko a sifili shi ne matsakaici, na biyu kuma bariyans ne kai tsaye, ba ɗebe komai. Ga Poisson, K(t) = λ(e^t − 1). Ko sau nawa aka yi masa, λe^t ne ke fitowa, a sifili kuma λ. Kuskuren farko da na uku ba su da ƙofar shiga ta nan.

Dabarar tana da iyaka. Sharaɗinta shi ne matsakaicin e^(tX) ya zama lamba mai iyaka ga duk t da ke kusa da sifili, ta dama da ta hagu. Wani lokaci sharaɗin yana cika ne a ɗan fili kawai. Tsarin da ake auna tsawon jira tsakanin faruwa biyu da shi yana da M(t) = λ/(λ − t), kuma wannan yana aiki ne muddin t bai kai λ ba. Hakan ya wadatar, tun da a sifili muke aikinmu: matsakaici 1/λ, bariyans 1/λ². Amma akwai tsare-tsaren da manyan lambobi ke yawan fitowa a cikinsu har e^(tX) ta fi ƙarfin tarawa. Tsarin Cauchy ba shi da MGF, ba shi ma da matsakaici sam. Wanda ya fi ba da mamaki shi ne tsarin da logaridim ɗinsa ke bin siffar ƙararrawa, wanda ake yawan kwatanta kuɗin shigar mutane da shi. Yana da matsakaici, yana da bariyans, amma M(t) ɗinsa ba ta da iyaka ga kowane t da ya haura sifili. A irin wannan sai a koma lissafi kai tsaye, ko a ɗauki 'yar'uwar dabarar da ke sa lambar i a gaban t, wadda kowane tsari yake da ita.

Abin da MGF ke bayarwa matsakaici ne da bariyans na tsarin da aka zaɓa. Ko tsarin ya dace da abin da ake ƙirgawa, wannan sai an duba lambobin zahiri. A ce ma'aikacin lafiya yana ƙirga masu kamuwa da ƙyanda a ƙauyuka, ya ga matsakaici 3 amma bariyans 20. Poisson ba ta dace ba, kuma dalilin a fili yake: ƙyanda tana yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, faruwar ɗaya tana jawo ɗaya, don haka ƙauyuka da yawa ba su da ko ɗaya, wasu kaɗan kuma sun cika. Shi kansa Bortkiewicz runduna goma sha huɗu ya tattara bayanansu, ya ware huɗu gefe saboda tsarinsu ya bambanta da na sauran, goman da suka rage su ne suka ba da 0.61 da 0.6079.