Lamba 12 da Lamba 17 a Takardar Kemistiri

Akwai wata tambaya da ba ta cika ɓacewa daga takardar kemistiri ta 'yan babbar sakandare ba. Za a ce sinadarin X lambarsa 12, sinadarin Y lambarsa 17, sannan a jero buƙatu: rubuta tsarin ilektaron ɗin kowanne, faɗi gurbinsa a jadawalin sinadarai, faɗi abin da za su haifar in sun haɗu. Ɗalibin da ya dogara da hadda, da ya ga an ɓoye sunaye sai gabansa ya faɗi. Alhali kuwa duk amsoshin suna ƙunshe cikin lambobin nan biyu.

Lambar sinadari ita ce yawan furoton da ke tsakiyar ƙwayar zarrarsa, kuma muddin zarrar ba ta ba da komai ba, ba ta karɓi komai ba, yawan ilektaron ɗinta ke nan. Su ilektaron suna kewaye da tsakiyar ne hawa-hawa, kamar ɓawon albasa. Hawan farko biyu kawai yake ɗauka, na biyu takwas. To X mai 12 sai ya zama 2,8,2, Y mai 17 kuma 2,8,7. Yawan hawa shi ke nuna layin kwance da sinadari yake, don haka dukansu suna layi na uku. Adadin da ke hawan waje kuma shi ke nuna rukuni: X na rukuni na biyu, wato magniziyam ne, Y na rukuni na bakwai, wato kulorin. Sababbin littattafai da ke ƙirga rukuni 18 suna kiran na kulorin rukuni na 17, kada wannan ya rikita kowa.

Ba haka jadawalin ya faro ba. Lokacin da Dmitri Mendeleev ya fitar da nasa a Rasha a 1869, da nauyi ya jera sinadarai, domin ba a ma gano ilektaron ba tukuna. Sai a 1913 Henry Moseley ya nuna cewa lambar ce ainihin ma'aunin jerin. Har yau nauyin nan na kayar da ɗalibai. In an rubuta kulorin da 35 a sama, 17 a ƙasa, wasu sai su hau raba 35 a hawa-hawa. Ita 35 jimlar furoton da niyutaron ce, aikinta ka cire 17 ka samu niyutaron 18.

Yanzu ga haɗuwar. Zarra ta fi samun natsuwa in hawanta na waje ya cika takwas, irin na niyon da argon, waɗanda da ƙyar suke haɗuwa da wani abu. Magniziyam ya fi masa sauƙi ya saki biyun da ke waje da ya nemo shida, sai ya koma 2,8, ya zama Mg²⁺. Kulorin guda ɗaya ya rage masa, ya karɓa ya koma 2,8,8, ya zama Cl⁻. Tunda magniziyam biyu yake saki, kowane kulorin kuma ɗaya yake karɓa, dole a samu kulorin biyu. Amsa ita ce XY₂, wato MgCl₂. Mai rubuta X₂Y ya juya lissafin, kuma da ya tara cajin zai ga bai tashi sifili ba. Wannan shi ne haɗin ayonik: wani ya bayar, wani ya karɓa, jan da ke tsakanin caji biyu masu kishiyantar juna ya riƙe su gam.

Mai tsara tambaya kan canza 12 ya sa 6. Nan labari ya sauya. Kabon ne, 2,4, kuma sakin huɗu ko karɓar huɗu duk sun yi masa tsada. Sai ya yi tarayya: ya sa ilektaron ɗaya, kulorin ya sa ɗaya, su biyun su zama na kowa, har sau huɗu. Abin da ya fito CCl₄ ne, haɗin kobalen. Ana ganin bambancin da ido. MgCl₂ daskararre ne, sai zafi ya haura digiri 700 yake narkewa, kuma in an jiƙa shi a ruwa lantarki na ratsa shi. CCl₄ kuwa ruwa-ruwa ne a zafin ɗaki, lantarki ba ya bi ta cikinsa. Malamin da ke da batir, waya da ƙaramin ƙwan fitila zai iya nuna wannan da gishiri da sukari: ruwan gishiri ya kunna ƙwan, ruwan sukari ko ƙyaftawa ba zai yi ba.

Tarkon da ya rage yana lamba 19. Littafi ya ce hawa na uku na iya ɗaukar 18, sai ɗalibi ya rubuta 2,8,9. Daidai shi ne 2,8,8,1, domin bayan takwas ɗin, ilektaron na gaba ya fi samun sauƙin zama a hawa na huɗu. Shi ya sa fotasiyam yake ƙarƙashin sodiyam, halinsu ɗaya, kowanne ilektaron guda yake saki. Kalsiyam mai 20 shi ne 2,8,8,2, kuma a nan wannan ƙirga mai sauƙi take tsayawa. Daga 21 hawa na uku ke komawa karɓar sauran, sai an koma rubutu irin 1s² 2s² 2p⁶.