Sau Nawa Dillali Zai Gyara Garkuwarsa?

A kasuwar hannun jari akwai wata kwangila da ake kira zaɓi. Mai saye yana biyan kuɗi kaɗan, kamar kafin alƙalami da ba a mayarwa, domin ya samu damar sayen hannun jari a kan ƙayyadadden farashi nan gaba. Idan farashi ya tashi sai ya karɓa, idan ya faɗi sai ya bari. Nauyin yana wuyan dillalin da ya sayar da zaɓin, domin dole ya kawo kayan komai tsadarsu. A 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar zaɓi ta Chicago, Fischer Black, Myron Scholes da Robert Merton suka nuna yadda zai kare kansa: ya riƙa riƙe wani kaso na hannun jarin, yana ƙarawa yana ragewa. Wannan kason shi ne delta.

A ce hannun jari ɗaya dala 100 ne, dillali ya sayar da zaɓin sayen guda 1,000 a kan wannan farashi nan da wata uku. Idan kai-komon farashin kashi 20 cikin ɗari ne a shekara, kuma muka ajiye kuɗin ruwa gefe, zai karɓi kusan dala 4,000. Deltarsa 0.52 ce, don haka sai ya sayi guda 520. Farashi ya ɗan motsa sama ko ƙasa, abin da ya samu a ɓangare ɗaya zai rufe abin da ya rasa a ɗayan.

Sai dai delta ba ta zama wuri ɗaya. Da farashi ya kai 102, sai ta koma kusan 0.60, dole ya ƙara guda 80 da tsada. Da ya dawo 100, sai ya sayar da su da araha, dala 160 ta tafi. Mai sayar da zaɓi haka yake kullum, yana bin farashi a baya. Abin da ke rama masa shi ne wucewar lokaci: kowace ranar ciniki darajar zaɓin tana raguwa da kusan dala 32. Idan motsin rana bai kai dala 1.26 ba, ya ci riba. Idan ya zarce, ya tafka asara.

Lissafin Black da Scholes ya ɗauka cewa ana gyara garkuwa kowane lokaci ba tare da biyan ko sisi ba. A zahiri kowane ciniki yana da la'ada, ga kuma tazara tsakanin farashin saye da na sayarwa. Hayne Leland ya nuna a 1985 cewa yawan gyara yana kumbura wannan kuɗi. Ƙa'idar ita ce: idan ka ninka yawan gyara sau huɗu, haɗari zai ragu zuwa rabi, kuɗin ciniki kuma ya ninka sau biyu.

Mu koma ga dillalinmu, a ce kowane ciniki yana cin kashi 0.1 cikin ɗari. Idan yana gyara sau ɗaya a mako, gyare-gyaren za su ci kusan dala 115, amma sakamakonsa na ƙarshe kan kauce da kusan dala 1,000, sama ko ƙasa. Idan kullum ne, kuɗi ya zama 250, kaucewa ta sauko 450. Idan sau huɗu ne a rana, kuɗi 500, kaucewa 220. Daga mako zuwa kullum, ya ƙara 135 ya rage haɗarin 550. Daga kullum zuwa sau huɗu, ya ƙara 250 ya rage 230 kacal. Kuɗin ciniki asara ce tabbatacciya, ita kuwa kaucewa tana iya zuwa da riba, don haka mataki na biyu bai cika biya ba.

Shi ya sa ƙwararru da yawa ba sa bin agogo. Sukan shata iyaka, misali kada abin da ke hannu ya yi nisa da delta fiye da guda 50, sai an tsallake ta su taɓa kasuwa. Aikin yana ƙara wuya idan wa'adi ya kusa kuma farashi na dab da 100, domin a nan delta ke saurin juyawa.

Akwai kuma haɗarin da yawan gyara ba ya maganinsa, wato tsallen farashi. Idan aka wayi gari hannun jarin ya faɗi 90, dillali ya rasa 5,200 a kan guda 520, zaɓin ya rage masa nauyin kusan 3,300, saura asarar 1,900. A ranar 19 ga Oktoba 1987, da ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari, masu irin wannan dabara sun yi ta sayarwa farashi na tsere musu. Maganin tsalle shi ne dillali ya sayi wani zaɓin daga hannun wani, ko ya rage yawan wanda yake sayarwa tun farko.