Gahawar Turkiyya: Kumfa ke Nuna Gwani

A Santambul, idan aka miƙa wa baƙo finjalin gahawa, samansa yake fara dubawa. In kumfa mai kauri ta rufe shi baki da baki, mai dafawa ya san aikinsa. In kuwa baƙin ruwa ne tsura, to wuta ta yi yawa. Wannan al'ada ce hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2013.

Tukunyar da ake amfani da ita, jezbe, 'yar ƙarama ce ta jan ƙarfe, mai dogon mariƙi da faɗin gindi da matsattsen wuya. A wuyan nan kumfa take taruwa ta yi kauri, shi ya sa ba a dafa finjali ɗaya a tukunyar mutum huɗu. Garin kuma sai ya yi laushi kamar garin lalle, domin ba a tace shi. Mai tsaki-tsaki ba ya kwanciya, kuma yana damun harshe. A da, kowane gida shi ke soya 'ya'yan ya niƙa, har Mehmet Efendi ya fara sayar da niƙaƙƙen gari a 1871.

A ce mutum biyu za a dafa wa. Ana auna ruwan sanyi finjali biyu, da gari kamar giram 14, wato bakwai ga kowane finjali. Tun a nan ake tambayar baƙo yawan sukarin da yake so, domin ba a ƙarawa daga baya. A juya su haɗu, a ajiye cokali, a ɗora a kan wuta kaɗan. Wasu masu shaguna a cikin yashi mai zafi suke nutsa tukunyar, don zafin ya kewaye ta daidai.

Cikin minti uku zuwa huɗu kumfa za ta fara haɗuwa daga gefe, tana matsowa tsakiya. Da ta taso zuwa wuya, sai a sauke kafin ta tafasa. Tafasa ita ke fasa kumfar, ta kuma jawo ɗaci. Alamarta manyan ƙwayoyin kumfa masu fashewa da sauri. Da yawa sukan kwashe kumfar da cokali su raba wa finjalai, su mayar da tukunyar kan wuta na ɗan lokaci, sannan su tsiyaya a hankali ta gefen finjali.

Daga nan ba a sake juyawa, don cokali zai kashe kumfar ya tayar da garin. Akan kawo gahawar da kofin ruwa, a fara kurɓarsa a wanke baki, a jira minti ɗaya ko biyu garin ya kwanta. Ana sha kaɗan-kaɗan, kuma da harshe ya fara jin gari sai a tsaya, a bar lakar a gindin finjali.