Yadda Ake Bin Bashi Ba Tare da An Ɓata da Abokin Ciniki Ba

'Yan kasuwa da yawa kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu idan wa'adin biya ya wuce. Wani kunya ce za ta rufe masa baki har wata uku, wani kuma ranar farko zai buga waya da faɗa. Na farko yakan rasa kuɗinsa, na biyu ya rasa abokin cinikinsa. Mafita ita ce tuni daki-daki, kowane saƙo ya ɗan ɗara na baya nauyi.

Mu ɗauki misalin mai ɗab'i a Kano da ya buga wa wata makarantar kuɗi littattafan rubutu na naira 480,000. Ya kai kaya ran 3 ga Maris, tare da takardar neman biya mai lamba 112, bisa wa'adin kwana 30. Ran 2 ga Afrilu ta zo, shiru.

Bayan kwana uku sai ya aika tuni na farko, yana kyautata zato. Sau da yawa takardar ce ta maƙale a teburin akawu, ko mai sa hannu ya yi tafiya. Zai rubuta: "Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina tuni ne kan takarda mai lamba 112, ta naira 480,000, wadda wa'adinta ya cika ran 2 ga Afrilu. Ga kwafinta da lambar asusu. Idan an riga an biya, a yi mini afuwa." Lambar takarda, adadin kuɗi da ranar wa'adi za su fito a kowane saƙo har ƙarshe, don kada a ce ba a gane wane bashi ake nufi ba.

Idan mako biyu ya wuce, lokacin magana baki da baki ya yi. A nan ba a tambayar "yaushe za a duba mu?", domin amsar ita ce "in Allah ya yarda". Abin da ake tambaya shi ne: akwai matsala a kayan ko a lissafin? Wace rana za a biya? Da an ajiye waya, sai a tura gajeren saƙo: "Kamar yadda muka yi magana, Malam, za a biya ran 23 ga Afrilu." Alkawarin baka ya zama rubutacce ke nan.

A wannan gaɓa ce ake gane irin mutumin da ake hulɗa da shi. Wanda ba shi da hali yakan ɗauki waya, ya faɗi dalili, misali iyaye ba su gama biyan kuɗin makaranta ba, har ya kawo wani abu. Wannan ya cancanci sassauci: 160,000 duk wata har sau uku, a rubuce, da sa hannu. Mai taurin bashi kuwa kullum da sabon uzuri, kuma sai yanzu zai tuna wai bangon littattafan bai yi kyau ba.

Bashi ya cika wata guda da wuce wa'adi, sai wasiƙa a kan takardar kamfani, zuwa ga mai makarantar kansa. Gaisuwa ta taƙaita. A jero tunin da aka yi da ranakunsu, a ambaci alkawarin da aka saɓa, sannan a faɗi abin da zai biyo baya: "Ba za mu karɓi sabon aiki ba sai an warware wannan." Wanda ya faɗi haka kuma ya kai kaya washegari ya zubar da ƙimar duk wasiƙar da zai rubuta nan gaba. Yanzu ne kuma ya dace a sa wani dattijo da suke jin nauyinsa, ko shugabannin ƙungiyar sana'a, su shiga tsakani.

Mataki na ƙarshe shi ne wasiƙar gargaɗi bayan wata biyu: a biya cikin kwana 14, in ba haka ba za a je kotu. A sa wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafi. Legas ta buɗe kotun ƙananan ƙararrakin bashi a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, kuma mutum na iya shigar da ƙara ba lauya. Takardun da aka tara tun tuni na farko su ne hujjarsa.

Ko a nan akwai iyaka. Ba a ƙara tarar jinkiri da ba a yi yarjejeniya a kanta ba tun farko. Ba a tallata mutum a dandalin sada zumunta, don hakan na iya jawo ƙarar ɓata suna. Ba a kuma kai shi caji ofis, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Mai bin bashi da ya tsaya kan lamba, adadi da rana, ya bar zagi da barazana, shi ne ya fi kusa da karɓar kuɗinsa, kuma in zangon karatu ya zagayo ba zai ji nauyin sake ƙulla ciniki da makarantar ba.