Wayarka Ta Koma Sinanci? Haruffa Biyu Ne Za Su Mayar Da Ita Turanci

Wayar da ke nuna rubutun Sinanci ba ta lalace ba, kuma ba ta buƙatar falashin. Hanya biyu ce ta fi jefa mutane cikin wannan hali. Ko dai an sayo wayar daga kasuwannin Sin, irin su Huaqiangbei da ke birnin Shenzhen ko shagunan Guangzhou inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya, ta iso da yaren da aka kunna ta da shi. Ko kuma yaro ya yi wasa da ita ya sauya yaren bai sani ba. A duka biyun, zaɓin Turanci yana nan a cikin wayar. Abin da ya ɓace wa mai ita shi ne hanyar zuwa wurin, domin duk alamun hanyar sun koma haruffan da bai iya karantawa ba. To ba sai ka iya Sinanci ba. Kalma ɗaya mai haruffa biyu za ka riƙe da ido, sai wasu 'yan kalmomi da za ka guje wa.

Kalmar ita ce 语言, ma'anarta yare ko harshe. Ka dube ta da kyau, don duk aikin a kanta ya rataya. Kowanne daga cikin haruffan biyu yana da ɗan akwati mara komai a ciki a ƙasansa. Na biyun, wato 言, shi ya fi sauƙin ganewa: ɗigo a sama, layuka uku a kwance, sannan akwatin. A Taiwan da Hong Kong ana amfani da tsohon salon rubutu mai yawan zane, don haka a can za ka ga 語言. Harafi na biyun bai sauya ba, shi ya sa ya fi dacewa ka dogara da shi.

Akwai wata kalma da ke yaudarar mutane ƙwarai, ita ce 语音. Harafinta na farko ɗaya ne da na wadda muke nema, amma ma'anarta murya, kuma tana kai mutum ne wurin saitin magana da waya ko karanta rubutu da sauti. Bambancin yana cikin akwatin harafi na biyu: na 音 yana da layi a tsakiyarsa, na 言 kuwa fayau yake. Wanda ya shiga can zai iya ganin jerin yaruka, ya zaɓi Turanci, ya fito ya tarar allon wayarsa na nan da Sinancinsa, ya ɗauka wayar ce ta ƙi. Ba ƙi ta yi ba, ƙofar ce ba ita ba.

Mu ɗauki wayar Redmi ta kamfanin Xiaomi, irin wadda aka yi don kasuwar cikin Sin, mu bi ta daki-daki. Da farko sai ka nemi manhajar saitin, wadda a Turanci ake rubuta Settings. Hotonta ba ya sauyawa ko da yare ya sauya: taya ce mai haƙora irin ta cikin inji, kuma a ƙarƙashinta za ka ga 设置. Idan ta ɓuya maka cikin tarin manhajoji, ja allon daga sama zuwa ƙasa, akwai ƙaramar alamar saitin a saman abin da ya sauko, ita ma can take kaiwa. Da ka shiga, kada ka tsaya neman 语言 a shafin farko, domin Xiaomi ba ta ajiye shi a nan ba. Gangara ƙasa har ka ga 更多设置, wato ƙarin saituna. Za ka gane shi da haruffa biyun ƙarshe, waɗanda su ne dai 设置 ɗin da ka gani tun farko. A ciki, kusa da sama, akwai 语言与输入法, wato yare da hanyar shigar da rubutu. Ga kalmarmu nan a farkon layin. Ka latsa, sai ka sake ganin 语言 ita kaɗai, a gefenta an rubuta 简体中文, sunan yaren da wayar ke kai yanzu. Ka latsa wannan kuma.

Daga nan wahala ta ƙare, saboda wayoyi suna rubuta sunan kowane yare da haruffansa. English za ka gani a rubuce ƙarara. Idan aka samu wata wayar da ta rubuta shi da Sinanci, to 英语 ne ko 英文. Ka zaɓa, ka ɗan jira daƙiƙu kaɗan, allon zai juya. Idan wani ɗan akwatin tambaya ya fito, 确定 na nufin na amince, 取消 na nufin na fasa.

A wannan shafin na 语言与输入法 akwai tarko na biyu. Rabin shafin na ƙasa ya shafi 输入法 ne, wato kibod ɗin da kake rubutu da shi. Mayar da kibod Turanci zai ba ka damar rubuta saƙo, amma ba zai taɓa yaren allon ba. Haka nan 地区, wato yanki ko ƙasa: zaɓen Najeriya ko Nijar a nan yana shafar abubuwa kamar tsarin kwanan wata, ba yaren wayar ba.

Sauran kamfanoni suna bin tunani iri ɗaya, sunan ɗakin da suka ajiye yaren ne ya bambanta. A Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na Shenzhen, da ma yawancin wayoyin Android, ɗakin shi ne 系统, wato tsarin waya, kuma yana can wajen ƙarshen jerin. A Huawei sunansa 系统和更新, daga nan sai 语言和输入法, sai 语言和地区. A Samsung kuwa 常规管理 ne. A iPhone, bayan 设置 sai 通用, wanda shi ma hotonsa taya mai haƙora ce, sannan 语言与地区. Idan ta Taiwan ko Hong Kong ce, za ka ga 設定, sai 一般, sai 語言與地區. Kamfanoni kan ɗan matsar da waɗannan wurare idan sun sabunta tsarin waya, shi ya sa ban yarda da shawarar nan ta "ƙirga layi na bakwai ka latsa" ba. Layi na bakwai a wayar maƙwabcinka zai iya zama wani abu dabam a taka. Ka nemi haruffan da idonka.

Waɗannan wayoyin suna da wani mataki da ke rikita mutane. Sau da yawa idan ka isa shafin yaren, Sinanci kaɗai za ka tarar a jerin, babu English. Sai ka nemi 添加语言, wato ƙara yare, wanda galibi ke da alamar tarawa a gefensa, ka zaɓo English daga dogon jerin da zai buɗe. Amma ƙara shi kawai bai isa ba. Wayar tana aiki ne da yaren da ke saman jerin, saboda haka idan English ya zauna a lamba ta 2, komai zai ci gaba da fitowa da Sinanci. Ka dafe shi da yatsa ta wurin 'yan layukan da ke gefen dama, ka ja shi sama. Samsung tana sauƙaƙa wannan da tambaya: ka zaɓi 设为默认, ma'ana a mai da shi na dindindin. A iPhone allon zai yi baƙi na ɗan lokaci yayin sauyawar. Wannan ba matsala ba ce, ka bar ta ta gama.

Akwai kuma gajeriyar hanya. A saman shafin saitin akwai gurbin bincike mai hoton madubin ƙara girma. Kibod ɗin Sinanci na wayoyin babban yankin Sin da haruffan boko ake buga shi, ta tsarin da ake kira Pinyin. Idan ka rubuta yuyan, kalmar 语言 za ta fito cikin zaɓin da ke saman kibod, ka latsa ta, wayar ta jero maka duk inda kalmar take. Idan kibod ɗin mai maɓallai tara ne irin na tsofaffin wayoyi, sai ka buga 98926, sakamakon ɗaya ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a lamarin. A yawancin wayoyi, ɗakin da yare yake shi ne ɗakin da maɓallin goge waya yake, wani lokaci layuka kaɗan ne tsakaninsu. Mutumin da ke latse-latse da fatan dacewa zai iya shafe hotunan iyalinsa da lambobin abokan cinikinsa cikin minti ɗaya. Don haka ka haddace fuskar waɗannan: 重置 da 还原 duk suna nufin mayar da abu yadda yake a farko, 恢复出厂设置 shi ne mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta, 清除 da 删除 da 抹掉 kuwa gogewa ne. Duk inda ka ga ɗayansu, ko ka ga jan rubutu, ko wayar ta nemi lambar sirrinka alhali yare kawai kake nema, ka koma baya. Sauya yare ba ya neman lambar sirri. Ga wayar hannu kuma haɗarin ya ninka: idan asusun mai ita na farko yana ciki, na Apple ko na Xiaomi ko na Google, gogewa za ta iya barin ka da waya a kulle tana neman kalmar sirrin mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Ya kamata mai saye ya san iyakar wannan gyara. Wayar da aka ƙera don kasuwar cikin Sin takan zo da yaruka kaɗan. A Xiaomi, misali, za ka samu Sinanci da Turanci amma da wuya ka samu Faransanci ko Larabci, abin da ya shafi 'yan'uwa na Nijar da Chadi kai tsaye. Ko bayan ka mayar da ita Turanci, wasu manhajojin da suka zo da ita, kamar shagon manhajoji da burauza, za su iya ci gaba da nuna Sinanci, domin abin da ke cikinsu daga Sin ake turo shi. Yawancin irin waɗannan wayoyi kuma ba sa zuwa da Play Store. Wannan ba alamar ka yi kuskure ba ce, haka tsarin wayar yake. A nan ne masu gyara kan ba da shawarar falashin don ɗora tsarin ƙasashen waje. Aiki ne dabam, yana goge komai, ba kowace waya ke karɓarsa ba, kuma Huawei ta daina ba da lambar buɗe wayoyinta don irin wannan aiki tun 2018.

Saboda haka idan za ka sayi waya, a Farm Centre ta Kano ne ko daga hannun ɗan'uwa da ya dawo daga Guangzhou, ka sa a buɗe maka shafin 语言 a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. Ka ga yarukan da ke ciki, ka duba ko akwai Play Store, ka kuma tabbatar an cire asusun mai ita na baya.